Yadda Ake Karanta Sitikar Fanel da ta Inbata Don a Gane Ko Za Su Zauna da Juna a Gida

Mai sayen kayan sola yakan tsaya a kan lamba biyu: wat nawa ne fanel, kuma inbata kVA nawa ce. Lambobin nan biyu su ne aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, amma ba su ne ke nuna ko kayan za su yi aiki tare ba. Ana iya samun inbata biyu da duk aka rubuta musu 5kVA, a ɗauko fanel shida iri ɗaya, ɗaya ta karɓe su lafiya, ɗayar kuma ta ƙone tun safiyar farko. Abin da ya bambanta su yana cikin ƙananan layukan sitika, waɗanda ba a cika dubawa ba. Za mu bi layukan nan da misalin gida ɗaya mai fanel shida.

Mataki na farko: ka juya fanel ka ɗauki hoton sitikarsa

Sitikar fanel tana bayansa, kusa da ɗan baƙin akwatin da wayoyi biyu ke fitowa daga ciki. Ka ɗauki hotonta tun kafin a hau da shi rufi, domin da zarar an ɗaure shi, sake ganinta sai an kwance. Ga irin abin da za ka tarar a jikin fanel mai wat 550:

```
Pmax   550 W
Vmp    42.0 V
Imp    13.1 A
Voc    49.9 V
Isc    14.0 A
Max System Voltage   1500 V
Max Series Fuse      25 A
STC: 1000 W/m², 25°C, AM 1.5
```

Pmax shi ne iyakar ƙarfin da fanel zai bayar. Vmp da Imp su ne bolt da amfiya da yake bayarwa a daidai lokacin da yake aiki da wannan iyakar ƙarfi. Wasu kamfanoni suna rubuta su Vmpp da Impp, duk abu ɗaya ne. Voc shi ne bolt ɗin da ke tsakanin wayoyinsa biyu idan yana rana kuma ba a jona masa komai ba, shi ya sa kullum ya fi Vmp yawa. Isc kuwa shi ne amfiyar da za ta gudana idan aka haɗa wayoyin biyu kai tsaye da juna.

Lissafin farko mai sauƙi ne: ka ninka Vmp da Imp. A nan 42.0 sau 13.1 ya ba da 550 da ɗan ɗigo, wato ya yi daidai da Pmax. Idan ka ninka ka samu 380 alhali an rubuta 550 a sama, to wanda ya buga sitikar ya sauya babbar lamba ne ya manta da ƙananan, kuma ka riga ka san abin da ke hannunka.

Layin ƙarshe, mai STC, yana gaya maka yanayin da aka auna duk lambobin nan: haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, ƙwayoyin fanel kuma suna kan zafin digiri 25. Ka lura, zafin ƙwayoyin ake nufi, na iska daban. Fanel da ke kwance a kan rufi da tsakar rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 20 zuwa 30, don haka ƙwayoyinsa suna iya kaiwa digiri 60 ko 65. Kowane digiri ɗaya da aka ƙaru a kan 25 yana rage ƙarfinsa da kusan kashi 0.35 cikin ɗari. A digiri 65, fanel mai wat 550 ya koma kusan 470, tun ba a cire asarar ƙura da ta waya ba. Saboda haka idan ka ga fanel ɗinka na gaske bai taɓa nuna 550 a allon inbata ba, ba cutarka aka yi ba, haka abin yake.

Mataki na biyu: ka tabbatar sitikar gaskiya take faɗa

Buga sitika ba wuya, shi ya sa ake samun fanel ƙarami ɗauke da lambar babba. Mai wayo zai gyara duka lambobin yadda ninkin da muka yi a sama zai fito daidai. Abin da ba zai iya gyarawa ba shi ne girman fanel ɗin.

Ka ɗauko abin awo ka auna tsawo da faɗi. Fanel mai wat 550 na gaske yakan kai tsawon mita 2.28 da faɗin mita 1.13, wato kusan murabba'in mita 2.58. Rana tana zuba wat 1000 a kan kowace murabba'in mita a yanayin gwaji, to wat 2580 ke sauka a kansa, yana mayar da 550 zuwa lantarki, wato kashi 21 cikin ɗari. Yawancin fanel na zamani da ke kasuwa suna tsakanin kashi 20 zuwa 23. Daga nan ka samu ma'aunin da za ka riƙe a ka: kowace murabba'in mita tana ba da wat 200 zuwa 230. Fanel mai tsawon mita 1.65 da faɗin 0.99 yana da murabba'in mita 1.63, bai kamata ya wuce wat 330 zuwa 370 ba ko da sabon ƙira ne. Idan ka ga an manna masa 450, ƙarya ce, ba sai ka kai shi ko'ina an gwada ba.

Sai ka duba lambar da ta keɓanta da fanel ɗin, mai zane-zanen layi. Manyan kamfanoni sukan sa ta a ƙarƙashin gilashi tun lokacin haɗawa, inda ba a iya ɓamɓare ta, su kuma maimaita ta a baya ko a gefen firam. Ka gwada su, dole su zo ɗaya. Sunan samfurin da ke saman sitika ma ka neme shi a shafin kamfanin, ka sauko da takardar bayaninsa. Takardar za ta yi maka amfani nan gaba, domin akwai lamba guda da sitika ba ta cika ɗauka ba.

Idan kana da mitar auna bolt da amfiya, ka fitar da fanel rana ka auna. A nan akwai tarko da ke kama mutane da yawa. Mai sayarwa zai ɗora mita a kan wayoyi, ta nuna 47V, ya ce maka ka gani, lafiyarsa ƙalau. Wannan awo na Voc ne, kuma Voc ba ya nuna wat. Adadin ƙwayoyin da aka jera a cikin fanel shi ke kawo shi, kowace ƙwaya kusan 0.7V, kuma ko da haske kaɗan yakan tashi kusa da cikakkiyar lambarsa. Fanel mai wat 300 da mai 550 suna iya nuna bolt kusan ɗaya. Awon da ke tona asiri shi ne na Isc, domin shi yake bin girman ƙwaya da ƙarfin haske. Da tsakar rana, sama ba gajimare, fanel yana fuskantar rana sosai, ya kamata ka samu kashi 80 zuwa 100 na Isc da aka rubuta. Idan an rubuta 14A ka samu 8A a irin wannan yanayi, ka ajiye shi.

Sai dai ka kula, yawancin ƙananan mitoci iyakarsu 10A, fanel mai 14A zai ƙona musu fiyus. Hanyar da ta fi ita ce ka rufe fuskar fanel da kwali, ka haɗa wayoyinsa biyu da juna, ka buɗe, ka maƙala mita mai baki wadda ke auna DC, wato irin wutar da fanel da batir ke bayarwa, a kan waya ɗaya, sannan ka sake rufe shi kafin ka raba wayoyin. Fanel ɗaya tak ake yi wa haka. Kada a taɓa gwada shi a kan jerin fanel da aka riga aka haɗa.

Mataki na uku: ka karanta sitikar inbata kashi-kashi

Sitikar inbata tana gefenta. Irin inbatar da aka fi sawa a gidaje yanzu na'ura uku ce a akwati ɗaya: mai mayar da wutar batir zuwa ta gida, mai cajin batir daga wutar layi ko janareta, da mai cajin batir daga fanel. Shi ya sa sitikar take rabe gida uku, kowane da nasa lambobin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki lambar wani sashe a ɗora wa wani.

Ga inbata biyu da za mu gwada. Ta farko:

```
Rated Power   5000VA / 4000W
DC Input      48VDC
AC Output     230VAC, 50/60Hz
Max PV Open Circuit Voltage   145VDC
MPPT Range    60-115VDC
Max Solar Charge Current      80A
```

Ta biyu:

```
Rated Power   5000VA / 5000W
DC Input      48VDC
AC Output     230VAC, 50/60Hz
Max PV Open Circuit Voltage   500VDC
MPPT Range    120-450VDC
Max PV Input Current          18A
Max PV Power  5000W
```

Layuka uku na sama ba sa ɗaukar lokaci. DC Input yana gaya maka batirin da take so: 48V na nufin batir huɗu masu 12V a jere, ko batirin litiyam guda na tsarin 48V. Mai batir biyu kacal ba shi da abin yi da ita, tasa mai 24V ce. AC Output dole ya zo daidai da wutar da kayan gidanka ke amfani da ita, domin akwai ƙasashe masu 230V da 50Hz, akwai masu 120V da 60Hz, kuma inbatar da aka yi wa wata kasuwa takan ɓulla a wata. Ka nemi inda aka rubuta Pure Sine Wave, a sitika ko a littafinta. Wadda aka rubuta wa Modified Sine Wave tana sa fanka gurnani, tana sa injin firji zafi. Idan kuma ka duba sitika kaf ba ka ga maganar batir ba, sai PV, wato ɓangaren fanel, da AC, wato wutar gida, kawai, to irin wadda ke tura wuta cikin layi ce, da an ɗauke wuta ita ma za ta mutu.

Rated Power shi ne inda 5kVA ɗin nan take raba gari. Ta farko 4000W ce iyakarta, ta biyu 5000W. Lambar da ke da W a ƙarshenta ita za ka gwada da kayan gidanka. A ce gidan yana da firji mai wat 150, firiza mai 200, fanka huɗu masu 70 kowace, ƙwan fitila goma masu 10, talabijin mai 100, da injin jan ruwa mai 750. Jimilla 1580. Ka ƙara dutsen guga mai 1200, ka kai 2780. Duk inbatar biyu za su ɗauka. Abin lura shi ne tashin farko: injin ruwa da na firji sukan ja ninki uku zuwa biyar na ƙarfinsu, wani lokaci fiye, na ɗan daƙiƙa kafin su daidaita. Injin 750 yana iya neman 3000 ko sama a wannan ƙiftawar. Yawancin inbata suna jure ninkin ƙarfinsu biyu na daƙiƙa kaɗan, amma wannan lamba a littafi ake samunta, a ƙarƙashin Surge Power. A ganina, idan kayan da kake kunnawa lokaci guda sun wuce kashi 70 zuwa 80 na wat ɗin inbata, ta yi maka kaɗan, ko da a takarda ta isa.

Mataki na huɗu: ka haɗa sitika biyun, a nan aikin yake

Fanel ana haɗa su hanya biyu. Haɗin jere shi ne a ɗauki wayar + ta wannan a sa a wayar − ta na gaba, haka har ƙarshe. A wannan haɗi bolt ke taruwa, amfiya tana nan yadda take. Haɗin gefe da gefe shi ne a tara duk + wuri ɗaya, duk − wuri ɗaya. A nan amfiya ke taruwa, bolt ba ya motsi. Tambayoyi uku za ka yi wa kowane tsari da kake son yi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Tambaya ta farko, wadda ta fi kowace: jimillar Voc na jeri ta wuce Max PV Open Circuit Voltage? Wannan iyaka ba ta da sassauci. Wuce ta yana fasa kayan cikin sashen cajin sola, kuma kamfanoni ba sa karɓar irin wannan lalacewa a garanti. Da Voc ake wannan lissafi, kada ka yi shi da Vmp, domin da sassafe kafin inbata ta fara jan wuta, da kuma duk lokacin da batir ya cika ba a jan komai, fanel yana komawa kusa da Voc ɗinsa.

Kuma Voc da ke sitika na digiri 25 ne. Sanyi yana ɗaga shi. Lambar da na ce sitika ba ta cika ɗauka ba ita ce wannan, a takardar kamfani za ka gan ta da sunan Temperature Coefficient of Voc, yawanci tsakanin −0.25 da −0.30 cikin ɗari a kowane digiri. Mu ɗauki −0.27. Idan safiyar da ta fi sanyi a inda kake tana sauka zuwa digiri 10, an ragu da digiri 15 daga 25, Voc ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari, 49.9 ya zama 51.9. Inda sanyi ke kaiwa sifili, ya zama 53.3. Da wannan lambar ta sanyi za ka yi aiki. Wanda bai samu takardar ba, sai ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan Voc, in dai ba ƙasar ƙanƙara yake ba, can ana buƙatar fiye da haka.

Tambaya ta biyu: jimillar Vmp ta faɗa cikin MPPT Range, wato tazarar bolt da sashen cajin sola ke aiki a cikinta? A nan zafi ne abin tsoro, domin yana saukar da bolt. Fanel ɗinmu mai Vmp 42 yana komawa kusan 37 idan ƙwayoyinsa sun kai digiri 65. Idan jimillar ta faɗi ƙasa da ƙaramar lambar, ba abin da zai ƙone, amma caji zai yi rauni ko ya yanke.

Tambaya ta uku: amfiyar da ke shigowa ta wuce Max PV Input Current? Idan ta wuce kaɗan, inbata takan ɗebi iya abin da za ta iya ta bar sauran, wato ka sayi fanel da ba ka cin amfaninsa. Wasu littattafai suna ba da wata iyaka daban ta Isc wadda ita ba a yarda a wuce ba, sai a duba. Kada ka rikita wannan layi da Max Solar Charge Current. 80A da ke jikin inbata ta farko amfiyar da ke shiga batir ce, a bolt na batir. A 54V, 80A ta kama kusan wat 4300, kuma wannan ke nuna maka iyakar fanel da za ta iya amfana da su.

Yanzu mu ɗora fanel shida, jimillar wat 3300, a kan inbata ta biyu mai 500V. Idan aka jera duka shida a layi ɗaya, Voc na sanyi ya zama 51.9 sau 6, wato 311V, nesa da 500. Vmp na zafi 37 sau 6, wato 222V, yana zaune daram tsakanin 120 da 450. Amfiya 13.1, ƙasa da 18. Duk tambayoyi uku sun amsu, kuma waya mai kauri 4mm² ko 6mm² ta sola ta isa.

Da wani zai raba su uku-uku, jeri biyu gefe da gefe, a kan wannan inbatar, da ya yi asara ta fuska biyu. Vmp a takarda 126V ne, ya ɗan haura 120, mutum ya ce ya shiga. Amma da rana ta take ya koma 111V, ya fita daga iyaka. Alamar wannan matsala tana da ban mamaki ga wanda bai san dalilinta ba: caji yana tafiya da safe, yana raguwa ko ya ɗauke da azahar lokacin da rana ta fi ƙarfi, ya dawo da yamma. Ga shi kuma amfiya ta zama 26.2, inbata 18 kawai za ta karɓa.

Nawa ne iyakar abin da wannan inbata za ta ɗauka idan an so ƙari nan gaba? Mai lissafin gaggawa zai ce goma, tunda 49.9 sau 10 ya ba da 499, bai kai 500 ba. Da lambar sanyi kuwa 519 ne. Amsar ita ce tara: 467V da sanyi, wat 4950, daf da iyakar 5000W.

Mu koma inbata ta farko mai 145V. Shida a jere ba a ma maganarsa. Uku a jere shi ne tarkon, domin wanda ya yi lissafi da Vmp zai samu 126 ya ga bai kai 145 ba. Voc kuwa 149.7 ne tun kafin a sa sanyi, da sanyi 156. Ya wuce. Abin da ya rage shi ne biyu-biyu, jeri uku gefe da gefe: Voc na sanyi 104V, Vmp tsakanin 74 da 84, cikin 60 zuwa 115. Wannan tsari zai yi aiki, amma yana zuwa da nasa ɗawainiya. Amfiya ta zama 39, don haka babbar wayar da ke saukowa daga rufi sai mai kauri 10mm² ko 16mm², gwargwadon nisa, in ba haka ba ta yi zafi ta cinye wuta a hanya.

A nan ne layin Max Series Fuse na sitikar fanel yake shigowa. Idan jeri ɗaya ya samu matsala a ciki, sauran jerin suna iya tura wutarsu ta baya su bi ta cikinsa. A tsarinmu na jeri uku, sauran jeri biyun masu 14A kowane sun kai 28A, fanel kuma 25A aka ce zai jure. Saboda haka daga jeri uku zuwa sama, kowane jeri yana buƙatar fiyus nasa na DC, wanda ya fi Isc da tazara amma bai wuce 25A ba. Mai 20A ko 25A ake sawa ga irin wannan fanel. Da jeri ɗaya ko biyu wannan haɗari bai taso ba. Shi kuwa Max System Voltage na 1500V, a gida ba za ka kusance shi ba, inbata ce za ta fara tsayar da kai.

To wace ta dace da gidan? Da fanel manya irin waɗannan, ta biyu ta fi, domin haɗinta ya fi sauƙi, waya siririya, asara kaɗan, ga wurin ƙari. Inda ta farko ta fi ta shi ne ga mai fanel biyu ko uku kacal. Fanel biyu a jere 74 zuwa 84V ne, inbata mai buƙatar 120V ba za ta ma farka da su ba, kuma huɗu ne mafi ƙarancin abin da za ta yi aiki da shi ba tare da zafi ya kayar da ita ba. Sai dai 300V na DC yana kisa, kuma yana nan a waya muddin akwai haske, ko an kashe inbata. Haɗa irin wannan jeri aikin wanda ya koya ne.

Akwai nau'i na uku da ya kamata a gane shi tun daga sitika. Idan ba ka ga MPPT ba, ka ga PWM, wannan caja ba ta juya rarar bolt zuwa amfiya, tana janyo fanel ne zuwa bolt na batir. Ka sa fanel ɗinmu mai 42V a kan tsarin 24V na PWM, zai yi aiki a kusan 28V da amfiya 13 da ɗoriya, wato wat 370 zuwa 380 daga cikin 550. PWM tana son fanel da Vmp ɗinsa ke kusa da na batir: kusan 18V ga batirin 12V, kusan 36V ko ƙasa kaɗan ga na 24V.

Idan kana da tsofaffin fanel kana son haɗa su da sababbi, sitika biyun za su gaya maka. A jere, Imp ya kamata ya zo kusa, domin mafi ƙarancin amfiya shi ke jan sauran ƙasa: fanel mai 9A a cikin jerin masu 13A ya mayar da kowa kusan 9A. A gefe da gefe, jimillar Vmp ta kowane jeri ce ya kamata ta zo kusa.

Mataki na biyar: ko wutar za ta ishi gidan, ko batir zai jure

Dacewa da inbata daban, isar gida daban. Ka ninka jimillar wat na fanel da awannin cikakkiyar rana na yankinka, sannan ka ɗauki kashi uku cikin huɗu saboda zafi, ƙura, waya da caji. Inda ake samun awa biyar, 3300 sau 5 sau 0.75 ya ba da kusan kWh 12 a yini. Ka gwada wannan da abin da gidan ke sha, wato wat na kowane abu sau awannin da yake aiki. Fanka huɗu masu 70 na awa goma sha biyu kaɗai sun sha kWh 3.4.

Batir ma yana da bakinsa a maganar. Fanel shida ɗin nan da rana mai kyau suna iya tura kusan 50A cikin batirin 48V idan gida ba ya jan komai. Batir mai ruwa ko na jel mai 200Ah yana son caji tsakanin 20A da 40A, fiye da haka yana dafa shi. Batirin litiyam mai 100Ah yawanci yana karɓar 50A, amma ka duba tasa sitikar. Ana rage wannan a saitin inbata, a wurin Max Charging Current, kuma bai kamata a bar shi yadda ya zo daga kamfani ba tare da an duba ba.

Kafin a jona waya ta ƙarshe

Bayan an gama haɗa fanel a rufi, kada a cusa wayoyin cikin inbata kai tsaye. A bar makunnin DC da ke tsakani a kashe, a sa mita a kan DC, a tabbatar mitar da wayoyinta an yi su don 600V ko 1000V, a auna wayoyi biyun da suka sauko. Ga jerinmu na shida, da rana ya kamata a ga tsakanin 270V da 300V. Idan an ga kusan 230 zuwa 245, fanel ɗaya bai shiga jerin ba. Idan an ga abin da bai kai 200 ba, mai yiwuwa an juya ɗaya, yana cire nasa daga jimilla maimakon ya ƙara. Idan mita ta nuna alamar − a gaban lamba, wayoyin sun juye, a gyara kafin a ci gaba. Ga tsarin biyu-biyu a kan inbata mai 145V, a auna kowane jeri shi kaɗai kafin a tara su, kowane ya nuna 90 zuwa 100V, kuma su zo kusa da juna.

Sannan a bi tsari wajen kunnawa: batir da farko, inbata ta tashi, sai makunnin fanel, sai kayan gida. Wajen kashewa a bi ta baya. Mahaɗin MC4 da ke bakin wayar fanel ba a zare shi yayin da wuta ke gudana, domin DC tana jan tartsatsi mai tsawo da ba ya mutuwa da kansa. A kashe makunnin DC tukuna, a ga amfiyar PV ta koma sifili a allon inbata, sannan a zare.